Yadda ake fitar da gyare-gyare daga rikodin zama da mai duba kundi

"Assalamu alaikum Malam. Ina digiri na biyu a fannin ilimi. Na zauna da mai duba kundina kusan minti 50 a kan babi na uku da na huɗu, na kuma naɗi zaman a waya da izininsa. Na saurara sau biyu, amma har yanzu na kasa rarrabe abin da ya ce dole in gyara da abin da hira ce kawai. Ta ina zan fara, kuma me zan rubuta?"

Wa'alaikumus salam, Malama. Kin yi daidai da kika nemi izini kafin ki naɗa, domin muryar malaminki amana ce a hannunki, kuma irin wannan zama sau da yawa yakan taɓo aikin wasu ɗalibai ko sunayen wasu malamai. Kafin ki sake kunna rikodin ɗin, ki riƙe wannan: abin da malami ya faɗa a zaman duba aiki ya fi abin da ya yanke yawa. Mu masu duba kundi mukan yi tunani ne da baki. Mukan kawo shawara, mu juya ta, mu ga ba za ta yi ba, mu janye ta bayan rabin awa ba tare da mun ce "na janye" ba. Aikinki shi ne ki tsamo abin da aka tsayar, ki rubuta shi yadda za a iya aikatawa, sannan ki mayar wa malamin ya tabbatar cewa haka yake nufi.

Saboda haka kada ki zauna kwafe zaman kalma bayan kalma. Kwafe maganar awa ɗaya da hannu kan cinye awa huɗu ko fiye, kuma idan kin gama za ki tarar da ruɗanin da ke cikin sautin ya koma kan takarda yadda yake. Shafi ɗaya ko biyu kike nema.

Abin da za ki ajiye a gabanki kafin ki saurara

Ki ɗauko ainihin kwafin da kuka duba tare, wanda malam ya yi wa jan biro. Idan a kwamfuta ya yi gyaran, ki buɗe fayil ɗin da ke ɗauke da `Track Changes` ɗinsa, kada ki taɓa shi, ki yi aiki a wani kwafin dabam. Dalili kuwa, rabin maganar irin wannan zama nuni ne da yatsa. Za ki ji yana cewa "wannan bai yi ba", "nan ki sake duba", "wancan tebur ɗin ki haɗa shi da wannan". Waya ba ta ɗauki yatsan ba. Jan biron ne zai gaya miki inda "nan" yake, tare da abin da kika tuna, kuma tunawar tana saurin gushewa. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibaina su yi wannan aiki a ranar zaman, in ya yi nisa washegari.

A sauraro na farko kada ki rubuta gyara ko ɗaya. Ki riƙa rubuta minti da batun da ake kai, a taƙaice: 07:20 manufa ta huɗu, 15:05 yawan samfuri, 26:40 tebur na 4.6, haka har ƙarshe. Wannan zai nuna miki abin da kunne kaɗai ba ya kamawa, wato cewa an taɓo batu ɗaya sau biyu ko uku a wurare dabam-dabam. A sauraro na biyu sai ki bi batu-batu maimakon bin tsarin lokaci. Ki saurari duk wuraren da aka yi maganar manufa ta huɗu a jere, sannan ki rubuta hukuncin ƙarshe da aka yanke a kanta.

Yadda ake gane umarni a cikin lafazi mai taushi

Nan ne ɗalibai suka fi zamewa, kuma laifin ba nasu ba ne su kaɗai. Malaminmu ba kasafai yake cewa "na umarce ki" ba. Yakan ce "da za ki ɗan duba wannan", ko "ni dai da ni ne da na cire shi", ko "ba laifi, amma…". A kunnen ɗaliba waɗannan duka shawara ce da za a iya ɗauka ko a bari. A bakin malami kuwa wasunsu wajibi ne da aka faɗa cikin ladabi. Sannan kunya takan sa ɗaliba ta riƙa cewa "to, Malam" ko ba ta gane ba, shi kuma ya ɗauka magana ta ƙare.

Taushin murya ko kaushinta ba shi ne ma'auni ba. Ki duba abin da ya biyo bayan maganar. Idan ya haɗa ta da wata ƙa'ida, misali ya ce haka littafin ƙa'idojin makarantar karatun gaba da digirin farko ya tanada, wajibi ce. Idan ya ambaci mai jarrabawa na waje, ya ce "wannan ba za a bar ki ki wuce da shi ba", wajibi ce. Haka nan idan ya sake komawa kan batun da kansa bayan an wuce, ko ya yi wa wurin alama da biro, ko ya ce yana so ya gani a zama na gaba. Amma idan ya faro da "wata ƙila", ya kawo hanyoyi biyu bai zaɓi ɗaya ba, ko ya ce "wannan ai ya isa wata maƙala ta dabam nan gaba", to shawara ce, ki rubuta ta a wurinta, kada ki cusa ta cikin kundin.

Akwai kashi na uku da ya fi waɗannan biyun haɗari: maganar da aka bar ta a buɗe. Ya yi tambaya, kin fara amsawa, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa ko waya ta yi ƙara, da aka dawo aka shiga wani batu. Irin wannan ba gyara ba ce tukuna, tambaya ce da za ki mayar masa. Kada ki cike gurbin da abin da kike zato, domin idan zaton ya kuskure, aikin mako biyu ne ya tafi a banza.

Misali da aka bi daki-daki

Bari mu ɗauki misali irin wanda ake yawan gani a fanninku. Ɗaliba tana binciken ra'ayin malaman firamare a wata ƙaramar hukuma game da koyarwa da harshen uwa a azuzuwan farko. Yawan malaman 1,200 ne. Tana da manufofi huɗu, da tambayoyin bincike huɗu, amma hasashe uku. Takardun tambayoyi 214 ne ta yi nazarinsu da manhajar nazarin alƙaluma ta SPSS.

A minti na 7 malam ya ce: "Wannan manufa ta huɗu ban ga amfaninta ba, a cire ta." Ɗalibar da ta rubuta wannan ta rufe littafi za ta koma gida ta goge manufar, da tambayar bincike ta huɗu, da sashen bitar ayyukan da suka gabata da ke tallafa mata, da tebur biyu a babi na huɗu. Amma a minti na 38, da suka iso teburan wannan manufar, sai ya ce: "Af, ashe kin tattara bayanai a kanta. To bar ta, amma ki haɗe ta da ta uku, ai abu ɗaya suke tambaya." Maganar ƙarshe ta shafe ta farko. Abin da za a rubuta shi ne a haɗe manufa ta uku da ta huɗu su zama ɗaya. Kuma taƙaitawa mai kyau ba ta tsayawa nan, takan bi sawun gyaran zuwa duk inda ya shafa: tambayoyin bincike za su koma uku su dace da hasashe uku, kanun sassan babi na huɗu za su sauya, haka ma taƙaitawar sakamako a babi na biyar da tsakure. Malam bai lissafa waɗannan ba, domin a ganinsa abu ne da ya fito fili. Idan ba a rubuta su ba, a wurin kare kundi ne wani zai gano cewa babi na ɗaya yana cewa uku, na biyar yana cewa huɗu.

A minti na 15 ya ce: "Ina kika samo wannan 214 ɗin? Ki duba samfurin nan." Idan aka rubuta "a duba samfuri" a takardar gyara, ba a rubuta komai ba, saboda babu wanda zai iya cewa an yi ko ba a yi ba. Sai an tono abin da ke damunsa. A babi na uku ɗalibar ta ce ta yi amfani da dabarar Yamane ta 1967, wato `n = N / (1 + N(e)²)`. Idan N 1,200 ne, kuskuren da aka yarda da shi kuma 0.05, to 1,200 sau 0.0025 zai ba da 3, a ƙara 1 ya zama 4, a raba 1,200 gida 4 a sami 300. Ko da teburin Krejcie da Morgan na 1970 aka bi, 291 zai bayar. Ke nan babi na uku yana alkawarin 300, babi na huɗu ya kawo 214, ba a kuma ce komai a kan giɓin 86 da ke tsakani ba. Wannan ne malam ya gani.

Gyaran ya danganta da abin da ya faru a fili, kuma ɗalibar ce kaɗai ta san shi. Idan ta raba 300 ne, 214 suka dawo a cike, to gyaran rubutu ne na sakin layi ɗaya: a bayyana adadin da aka raba, da wanda ya dawo, da cewa kashi 71 cikin ɗari ke nan, da dalilin rashin dawowar sauran. Idan kuwa tun farko ba ta raba 300 ba, hanya biyu ce. Ko dai ta koma makarantun ta cike giɓin, wanda aikin makonni ne da kuɗin mota, ko ta faɗi gaskiyar adadin ta amince cewa kuskuren ya tashi daga kashi 5 zuwa kimanin kashi 6 cikin ɗari, ta sa shi cikin iyakokin bincike. Zaɓi tsakanin waɗannan biyun ba na ɗaliba ba ne ita kaɗai, shi ya sa zai shiga cikin tambayoyin da za a mayar wa malam. Abin da ba ya cikin zaɓin shi ne a zauna a ɗaki a cike sauran takardun da hannu. Ina faɗin wannan ne don na san matsin lokaci kan kawo wannan tunanin. Ƙirƙirar bayanai laifi ne da zai iya sa a soke kundin baki ɗaya, kuma yakan bar alama, domin amsoshin da mutum ɗaya ya cike sukan yi kama da juna fiye da kima.

A minti na 26 suka zo tebur na 4.6. Malam ya ce: "Kin karanta ɗan rubutun da ke ƙasan teburin nan kuwa? Wannan gwajin ba zai tsaya ba." Daga nan ya shiga labarin wani ɗalibinsa na da, bai koma kan teburin ba. A sauti wannan kamar ƙorafi ne marar mafita, amma kwafin da ke hannu zai warware shi. Teburin gwajin `Chi-Square` ne, mai auna ko akwai alaƙa tsakanin abu biyu, matakan amsa biyar an gicciye su da matakan ilimin malamai uku, gurbi 15 ke nan. SPSS yakan rubuta a ƙasan teburin adadin guraben da abin da ake tsammani a cikinsu bai kai 5 ba. A nan guda 6 ne, kashi 40 cikin ɗari, alhali ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada su wuce kashi 20, kuma kada ko ɗaya ya gaza 1. Maganin da aka fi yi shi ne a haɗe matakan da ke kusa da juna, "na yarda ƙwarai" da "na yarda" su zama ɗaya, haka ma ɓangaren rashin yarda, ta hanyar `Recode into Different Variables`, guraben su koma 9, a sake gwajin. Sai dai malam bai furta wannan ba. Don haka a takardar za a rubuta matsalar a matsayin abin da ya tabbata, maganin kuma a matsayin abin da ɗaliba ke shirin yi in ya amince. Wannan rarrabewa tana da muhimmanci a wurina: kada a sa wa malami magana a baki, ko da maganar daidai ce.

Sauran abubuwan da suka fito a zaman ƙanana ne, ba sa buƙatar dogon tunani. Ya ce a daidaita manazarta da tsarin APA bugu na bakwai, wanda ya fito a 2019. Wannan yana nufin, alal misali, aikin da mutum uku ko fiye suka rubuta a kawo sunan na farko kaɗai da `et al.` tun daga ambato na farko, kuma a daina rubuta garin da aka buga littafi. Ya ce a saka ƙimar `Cronbach's alpha`, wato ma'aunin yadda tambayoyin suka dace da juna, ta gwajin gwaji da aka yi wa takardar tambayoyi, tunda an ambaci gwajin ba a kawo sakamakonsa ba. Ya kuma zagaye wasu kurakuran rubutu. Waɗannan a tattara su a layi biyu ko uku a ƙarshe.

Siffar layin gyara mai amfani

Kowane gyara ya ƙunshi abu huɗu: wurin, matsalar, aikin da za a yi, da yadda za a gane an gama. Wajen nuna wuri ki yi amfani da lambar sashe ko ta tebur, kamar 3.4 ko 4.6, ki ƙara lambar shafi ta kwafin da aka duba tare da kwanan watansa. Lambar shafi ita kaɗai ba ta da tabbas, domin da zarar kin cire sakin layi ɗaya a babi na ɗaya, duk shafukan da ke gaba sun motsa. Ki kuma ajiye mintin rikodin a gefe, don amfanin kanki, saboda ki iya komawa in shakka ta taso.

Ga yadda layin samfurin zai kasance a misalinmu: "Sashe na 3.4 da na 4.1. Lissafi ya ba da 300, an yi nazarin 214, babu bayani. Zan ƙara sakin layi a 4.1 da ke nuna adadin da aka raba, da wanda ya dawo, da kashinsa. An gama idan alƙaluman 3.4 da 4.1 da tsakure suka yi daidai da juna." Ki gwada kowane layi da wannan tambaya: in na ba abokiyar karatuna wadda ba ta halarci zaman ba, za ta san abin da za ta buɗe ta yi? In amsar a'a ce, layin bai nuna ba tukuna. Kalmomi irin su "a inganta", "a faɗaɗa", "a ƙara zurfi" su ne alamar cewa an kwafi lafazin malam ba a kai ga nufinsa ba. Idan ya ce a faɗaɗa tattaunawa a 4.5, sai ki saurari abin da ya faɗa kafin nan da bayan nan. Galibi za ki tarar yana nufin abu takamaimai, misali a kwatanta kowane sakamako da ayyukan da aka yi bita a babi na biyu, a faɗi inda suka dace da inda suka saɓa.

Jerin aiki ya bambanta da jerin magana

Takardar gyara tana faɗin abin da za a yi. Matakai na gaba kuma suna faɗin wanda zai riga wani, da wanda zai yi, da ranar. Ɗalibai da yawa sukan fara da manazarta da kurakuran rubutu saboda su ne masu sauƙi, kuma mutum yakan ji daɗin soke layi goma a yini ɗaya. Amma wanda ya fara shafe kafin ya daidaita ginshiƙi, sai ya sake shafen. A misalinmu, maganar samfuri ce ta farko, domin idan aka koma fili aka ƙara takardu 86, duk teburan babi na huɗu za su sauya, har da na 4.6 da ake shirin gyarawa. Mai yiwuwa ma ƙarin takardun ya rage matsalar guraben da kansa. Bayan samfuri sai haɗe manufofi, sai sake gwaje-gwaje, sai tattaunawa da babi na biyar, sai tsakure, manazarta da tsarin shafi su zo a ƙarshe. Abin da bai jiran komai, irin ƙimar gwajin gwaji, ana iya yin sa yayin da ake jiran amsar malam.

Ki kula da alkawuran da malamin ya ɗauka shi ma, domin su ne suka fi ɓacewa. Ya ce zai turo miki wata maƙala, ko zai yi magana da mataimakin mai duba aiki a kan gwajin, ko zai sa hannu a fom ɗin rahoton ci gaba. Ki rubuta su cikin ladabi, amma ki rubuta su. Ranaku kuma ki lissafo su daga baya zuwa gaba. Idan sashe ya sa ranar gabatar da sakamako na cikin gida, ki cire kwanakin da ake buƙata a miƙa kwafi kafin ranar, ki cire lokacin da malam yake ɗauka yana karatu, wanda a lokacin jarrabawa da makin takardu yakan ninka, abin da ya rage shi ne ainihin lokacinki. "Nan ba da jimawa ba" da "bayan Sallah" ba ranaku ba ne. In haka ya faɗa, ki ba da shawarar rana takamaimai ki bar shi ya amince ko ya sauya.

Mayar wa malam

Wannan matakin ne ake yawan tsallakewa, alhali shi ne yake mayar da taƙaitawarki abin dogaro. Cikin kwana biyu ki tura masa, ta hanyar da ya saba karɓar saƙo, ko ki buga ki kai ofis. Tambayoyin su zo a sama, kada su wuce biyu ko uku, kuma a tsara su yadda zai iya amsawa da kalma ɗaya. Misali: "Ranka ya daɗe, ga abin da na fahimta daga zamanmu na ranar Talata. Akwai abu biyu da nake neman tabbaci kafin in fara. Na farko, a kan samfuri, in yi bayanin adadin da ya dawo ne ko in koma fili? Na biyu, a kan tebur na 4.6, ina shirin haɗe matakan amsa su koma uku, ko hakan ya yi? Sauran gyare-gyaren suna ƙasa, in akwai inda na fahimta ba daidai ba, ina neman gyara."

Ki lura babu inda aka ce "a minti na 7 kun ce kaza, a minti na 38 kuma kun ce akasinsa". Kada ki taɓa amfani da rikodin a matsayin shaidar kama malami. Daga ranar da ya ji ana lissafa masa maganganunsa, zai daina yin tunani a gabanki, ya koma ba ki umarni a taƙaice, kuma ke ce kika yi asara, domin a cikin wannan juya magana ne ɗalibi yake koyon yadda ake auna hujja. Ki rubuta hukuncin ƙarshe kawai. Haka nan duk wata magana da ta shafi wani malami, ko wani ɗalibi, ko siyasar sashe, ba ta da wuri a takardar, kuma sautin ba na turawa a zauren ɗalibai ba ne.

Idan masu duba aikin biyu ne, ki tura wa dukansu takarda ɗaya. Inda suka saɓa, ki rubuta ra'ayoyin biyu gefe da gefe ba tare da kin nuna wanda kika fi so ba, ki roƙi babban mai duba aiki ya yanke, tunda a yawancin sassa shi ne ke da maganar ƙarshe. Ɗalibar da ta yi ƙoƙarin faranta wa kowa a ɓoye takan ƙare da kundin da babi na uku ya bi ɗaya, na huɗu ya bi ɗayan.

Wannan hanya tana da iyaka. Misalan da na kawo na fannin ilimi ne da kimiyyar zamantakewa, inda takardar tambayoyi da tebura suke da yawa. A fannin adabi ko tarihi, gyaran kan kasance a kan hujja da mazhabar nazari, kuma da wuya a matse shi a layi ɗaya mai wuri da ma'auni. A nan ya fi kyau ɗalibi ya rubuta sakin layi guda yana faɗin sabuwar hujjar da bakinsa, ya tambayi malam ko nan ya dosa. Sannan tabbatarwar malam ba ta ɗaure mai jarrabawa na waje ba, yana iya zuwa da nasa gyaran dabam. Kuma a kan tsarin shafi, da tsawon tsakure, da salon manazarta, littafin ƙa'idojin jami'arku yana gaba da abin da kowa ya faɗa da baki, don haka in kin ga saɓani ki nuna wa malam shafin.

In kwana uku ko huɗu suka wuce bai amsa ba, ki ci gaba da gyare-gyaren da ba su rataya a kan tambayoyin ba, ki nemi minti biyar a ofishinsa da takardar a hannu, ki rubuta amsarsa a gabansa. Ran da za ki miƙa gyararren kwafi, ki ɗora wannan takardar a samansa, kowane layi da sabon shafin da gyaran yake, wanda ba ki yi ba kuma ki faɗi dalili. Hakan zai sa ya duba wurare goma sha biyu maimakon ya sake karanta shafi tamanin, kuma irin wannan takarda ce za a nema daga gare ki bayan kare kundi, lokacin da za a tabbatar kin aiwatar da gyare-gyaren masu jarrabawa kafin a sa hannu. Sautin kuwa, da zarar ya tabbatar da takardar kuma zama na gaba ya wuce lafiya, ki goge shi daga wayar.